Fararen Ƙwayoyin Jini: Wace Ce Ta Ƙaru?

Jama'a, ku sani cewa jini ba ja ne zalla ba. Akwai fararen ƙwayoyi a cikinsa, waɗanda ɓargo ke ƙerawa don kare jiki daga cuta. A ɗigon jinin babban mutum mai lafiya, wanda bai wuce kan allura ba, akan sami 4,000 zuwa 11,000. Iri biyar ne, kuma abin da likita ke dubawa a takardar gwaji shi ne wane iri ne ya ƙaru.

Mafi yawansu nutirofil ne, sun kai rabi ko fiye. Su ke fara isa inda bakteriya suka shiga, su haɗiye su, su mutu a wurin. Mugunyar da ke fita daga maruru yawancinta gawarwakinsu ne. Bayansu sai monosayit su iso su kwashe tarkacen. Limfosayit kuwa sun fi ji da bairos, kuma ba sa mantuwa. Shi ya sa ƙyanda ba ta cika kama mutum sau biyu ba, a kansu kuma allurar rigakafi ta dogara. Wani rukuni nasu ne cutar ƙanjamau ke kashewa.

Sauran biyun 'yan kaɗan ne, amma su suka fi ruɗa mutane. Basofil ba su cika kai kashi 1 cikin 100 ba. Su da 'yan uwansu da ke zaune a fata da hanci suna ɗauke da wani sinadari mai suna histamin. In mai borin jini ya shaƙi ƙura ko ya ci gyaɗa, sai su ɗauki abin a matsayin cuta, su saki histamin, jiki ya hau ƙaiƙayi da kumburi da atishawa. In abin ya tsaya a fata, ƙwayar maganin ƙaiƙayi kan wadatar. In leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi ya sarƙe, a ruga asibiti, domin allurar adiranalin ake bukata.

Iyosinofil kuma sukan ƙaru a wajen mai asma da mai borin jini, amma asalin aikinsu yaƙi da tsutsa ne. A ce an kai yaro asibiti, gwaji ya nuna sun kai kashi 15 cikin 100, alhali bai kamata su wuce 6 ba. Likita mai lura ba zai yi saurin cewa borin jini ne ba. Zai tambaya ko yaron yana wanka a kududdufi, ko yana ganin jini a ƙarshen fitsari. In haka ne, sai a duba fitsari da bayan gida a nemi ƙwan tsargiya ko na tsutsar ciki, tun da maganin ƙaiƙayi ba ya kashe su.

Kada kuma a ce tun da lissafin bai hau ba, ƙalau ake. A taifot da zazzaɓin cizon sauro, sau da yawa fararen ƙwayoyin ba sa ƙaruwa, har ma sukan ragu.