Karanta adireshin daga dama kafin ka taɓa shi

Ina aiki a teburin sauraren koken abokan hulɗa a wani banki da ke titin Yakubu Gowon, nan Kaduna. Tun da Babban Bankin Najeriya ya ba da umarni a Disamban 2023 cewa a haɗa asusu da lambar BVN ko NIN, 'yan damfara suka samu abin fakewa, kuma har yau muna ganin ɓarnarsu.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Kasuwar Barci ta zo mini hankali a tashe, ta miƙo waya. "Ɗana, duba mini, an ce za a rufe asusuna yau." Saƙon yana ɗauke da sunan banki a sama, har ya shiga layi ɗaya da alat ɗinta na gaskiya. Wannan ba hujja ba ce, domin ana iya ƙirƙirar sunan mai aikowa. Adireshin da aka ce ta danna kamar haka yake, na dai sakaya sunan bankin:

```
https://banki.com.bvn-update.xyz/login
```

Na ce, "Hajiya, ki sa yatsa bayan `https://`, ki bi rubutun har ki iske karan `/` na farko, ki tsaya." Ta tsaya. Daga nan muka koma baya, muka karanta gaɓa biyu na ƙarshe kafin karan: `bvn-update.xyz`. Wannan shi ne mai gidan. Duk abin da ke hagunsa, har da sunan bankin da `.com` ɗin, allo ne kawai da mai gida ya rataya a ƙofa, kuma yana iya rubuta abin da ya ga dama a kai. Idan adireshi ya ƙare da `.com.ng` ko `.gov.ng`, gaɓa uku ake ƙirgawa.

Abin da ka samu sai ka gwada shi da adireshin bankinka na ainihi, harafi da harafi, kamar `gtbank.com` ko `zenithbank.com`. Nan ne ido ke yaudarar mutum: a sa lamba `1` a gurbin `l`, ko `rn` a gurbin `m`, ko a ƙara `-ng` a wutsiyar suna. A ƙaramin gilashin waya, cikin hayaniyar kasuwa, wa zai lura?

Hajiya ta ce ai ɗanta ya gaya mata in akwai `https` da hoton kwaɗo, shafin mai kyau ne. Wannan magana tana damuna ƙwarai, don ta sa an kwashe wa mutane da yawa kuɗi. Kwaɗon yana nuna an suturta abin da ke wucewa tsakaninka da shafin ne kawai, kuma ɗan damfara ma yana samun nasa kyauta.

Gajeren adireshi irin `bit.ly` kuwa ba ya karantuwa ta wannan hanya, domin ya ɓoye inda zai kai ka. Kada ka buɗe shi, ka shiga manhajar bankinka da kanka ko ka kira lambar da ke bayan katinka.

Allah ya taimaki Hajiya ba ta danna ba. Da ta shiga, lambar kati da lambar sirri za a fara nema, sannan lambar nan ta wucin gadi da banki ke turowa. Muka duba asusunta, BVN ɗinta a haɗe yake tun tuni.