Yadda ake bambance tambarin inganci na gaskiya da na jabu a jikin kaya

Yawancin kayan da ke shagunan Dutse da kasuwannin Shuwarin, Kiyawa da Jahun daga Kano ake saro su, kuma da wuya ka ɗauki kwalin magani, ƙullin wayar wuta ko cajar waya ba ka ga tambura jere a jiki ba. Buga tambari ba abu ne mai wuya ba, duk mai injin ɗab'i zai iya. Abin da mai jabu ba ya iyawa shi ne ya sa kayansa a kundin hukuma. Saboda haka kada zanen ya ɗauke maka hankali. Lambar da ke tare da shi za ka bi, ka ga ko za ta kai ka ga wannan kayan da ke hannunka. Kama da wane ba ta wane.

Mataki na 1: Tambayi kanka, wace hukuma ce ke da hurumin wannan kaya?

Hukumomi biyu ne suka raba aikin. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke kula da abin da ake ci, ake sha ko ake shafawa: magani, abincin kwali da na gwangwani, ruwan leda, man shafawa da sinadarai. SON, wadda asalinta ke komawa 1971, ita ke kula da irin su wayar wuta, siminti, rodi, tukunyar gas da taya.

A wajen SON akwai sunaye uku da ake yawan rikitawa. MANCAP na kayan da aka ƙera a Najeriya ne, wajibi ne, kuma tambarinsa na zuwa da lamba ta musamman da aka ba kamfanin. NIS tambarin inganci ne da kamfani ke nema don kansa. SONCAP kuwa takarda ce da mai shigo da kaya daga waje ke samu kafin a fito masa da su daga tasha, tana hannunsa shi, ba hatimi ba ce da ake liƙa wa kowane kwali.

Da wannan kaɗai za ka kama jabu da yawa. Kwalin da ya ce a wata ƙasa aka yi kayan, amma ga tambarin MANCAP a gefe, ya ƙaryata kansa. Haka maganin da aka cika shi da tambura iri-iri amma babu lambar NAFDAC.

Mataki na 2: Ware ado daga shaida

Wasu alamomin gaskiya ne, sai dai ba inganci suke nufi ba. Ƙaramin R a cikin da'ira na nufin an yi wa sunan kayan rajista. Hoton kwandon shara da aka soke na nufin kada a zubar da kayan cikin sharar gida. Rubutun ISO 9001 yana magana ne kan tsarin gudanar da masana'anta, ba a kan cewa an gwada wannan kayan ba, kuma ita ƙungiyar ISO ba ta ba kowa takardar shaida da kanta. Tauraro mai ruwan zinare da aka rubuta ɗari bisa ɗari a cikinsa, kamfani ne ke yabon kansa.

Haka kuma idan ka ga an rubuta NIS da wasu lambobi a bayansa, mai yiwuwa lambar ƙa'idar ce kawai. Kamfani na cewa ya bi ƙa'idar, amma wannan ba ya nuna SON ta je ta duba.

Mataki na 3: Karanta lambar NAFDAC daga farkonta

A kwali za ka ga an rubuta NAFDAC Reg. No., sannan lamba mai kashi biyu da ɗan layi a tsakani. Kashin farko yana faɗa maka rukunin kayan. Wadda ta fara da 01 ko A1 ta abinci da ruwa ce, 02 ta kayan shafe-shafe, 04 ko A4 ko B4 ta magani, A7 kuma ita ake gani a magungunan gargajiya da na ƙarin kuzari. Akwai wasu farkon ban da waɗannan, amma waɗannan ne za ka fi cin karo da su. Idan ka ga maganin ciwo ɗauke da lambar da ta fara da 01, to an ɗauko ta ne daga jikin wani abinci.

Sai harafin L a ƙarshen lamba, wanda ake yawan gani a magungunan gargajiya da ake tallatawa da lasifika ranar kasuwa. Ma'anarsa hukuma ta lissafa kayan bayan ta duba ba ya cutarwa, amma ba ta tabbatar yana warkar da cututtukan da mai talla ke jerowa ba. Lambar na iya zama ta gaskiya, maganar mai talla kuma ta zama tasa shi kaɗai.

Mataki na 4: Bi lambar zuwa kundi

NAFDAC tana da kundin magungunan da ta yi wa rajista, sunansa Greenbook. Akwai shi a manhajar waya, akwai kuma a wannan adireshin:

```
greenbook.nafdac.gov.ng
```

Mu ɗauka yaro ya kwana da zazzaɓi, an gwada an ga na cizon sauro ne, ka je kemis a Shuwarin aka miƙo maka kwalin maganin. A jiki an rubuta ƙarfinsa 20/120, ƙwaya ce, kamfani kaza ne ya yi a Indiya, ga lamba ta fara da A4. Rubuta lambar a wurin bincike daidai yadda take, har da ɗan layin. Idan babu abin da ya fito, sake dubawa ko ka yi kuskuren harafi, sannan ka gwada da sunan maganin. In har yanzu shiru, mayar da shi.

Idan kuma wani abu ya fito, kada ka yi saurin murna. Gwama abu huɗu da abin da ke hannunka: sunan maganin, ƙarfinsa, siffarsa, da kamfanin da ya yi shi. Da za a ce kundi ya nuna lambar ta maganin tari ce na ruwa, ko ta ƙwaya mai ƙarfin 80/480, alhali kai 20/120 ke hannunka, to lambar aro ce. Duba kuma ko rajistar na nan da ranta, domin cikakkiyar rajista shekara biyar take yi sai an sabunta.

Daga nan buɗe kwalin a gaban mai kemis. Lambar rukuni, wato Batch No., da ranar yi da ranar lalacewa da ke kwali dole su yi daidai da waɗanda aka buga a jikin katin ƙwayoyin. Inda suka saɓa, an sa wani kati ne a cikin wani kwali.

Mataki na 5: Kankare, ka tura

Kundi yana da iyaka. Ƙwararren mai jabu yakan kwafi komai, suna da lamba da kamfani, har kundi ya ce daidai ne. Don toshe wannan ƙofa NAFDAC ta fito da tsarin tantancewa ta waya a 2010, ta kuma wajabta shi a kan magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. Akwai ɗan fili mai ruwan azurfa irin na katin waya. Ka kankare, ka tura lambar da ta fito ta saƙon tes, kyauta, zuwa gajeriyar lambar da aka rubuta a wurin. Daga cikin sanannu akwai 38353 da 38351 da 1393.

Bambancin wannan da lambar rajista shi ne kowane kwali da tasa, kuma sau ɗaya take aiki. Karanta amsar har ƙarshe, domin takan faɗi sunan maganin, kuma dole ya zama naka. Idan ta ce an riga an yi amfani da lambar, ko ka tarar an kankare filin kafin ya zo hannunka, ko an ce ka tura zuwa lambar waya mai tsawo irin ta mutane, kada ka ba yaron. Ba kowane magani ne ke da wannan fili ba, don haka rashinsa a jikin farasitamol ba laifi ba ne.

Mataki na 6: Kayan wuta, a nan sai an haɗa da gwaji

Tambarin CE da ake gani a jikin kayan wuta na Tarayyar Turai ne. A na gaskiya, kowane harafi daga da'ira aka yanko shi, biyun girmansu ɗaya, akwai sarari sosai tsakanin bakin C da bayan E, layin tsakiyar E ya fi na sama da na ƙasa gajarta, tsayin tambarin kuma ba ya kasa milimita 5. Ana yaɗa cewa wanda haruffansa suka matsu wata alama ce ta daban da ke nufin kayan Sin. Hukumar Tarayyar Turai ta ce ba ta san da irin wannan alama ba, CE ne kawai da aka buga ba bisa ƙa'ida ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, a kan caja da soket da fitila kamfani ne da kansa ke sa CE, babu wata hukuma da ta gwada. Ko da zanen ya fito tsaf, alkawarin kamfani ne, kuma idan babu sunan kamfanin da adireshinsa a jiki, babu wanda za a kama da alkawarin.

Ga mai sayen wayar wuta don gini, a duba tambarin MANCAP da lambarsa a takardar ƙullin, sannan a duba jikin robar, inda ake buga sunan kamfani da kaurin wayar a kai a kai. Biyun su dace. Sai a fere bakin wayar a kankare ƙarfen da wuƙa. Jan ƙarfe na gaskiya ja ne har ciki. Idan fari ya bayyana, alminiyam ne aka yi wa rufi, wanda ke ɗaukar zafi ya saki a mahaɗa. Idan maganaɗisu ya kama shi, da baƙin ƙarfe a ciki. Mai gyaran wuta kuma ya auna kauri: waya mai sili ɗaya da aka rubuta 2.5 a jikinta, faɗin ƙarfenta ya kai kusan milimita 1.78, mai 1.5 kuma kusan 1.38. Abin da aka fi yi shi ne a ƙara kaurin roba a rage ƙarfe, a sayar da 1.5 da sunan 2.5.

Mataki na 7: Idan ka kama jabu

Kada ka jefar. Ajiye kayan da kwalinsa da rasit, ka ɗauki hoton lambar rajista da ta rukuni. NAFDAC da SON duk suna da ofis a Dutse: magani da abinci na ta farko, kayan wuta da na gini na ta biyu, kuma a can ne za a iya duba maka lambar MANCAP ko ta abinci da ruwan leda. Sau da yawa mai shago shi ma yaudararsa aka yi a wurin sari, don haka ka nuna masa saɓanin da ka gani cikin natsuwa, ka tambayi inda ya saro. Masu kemis kuma su riƙa karɓar rasit mai ɗauke da lambar rukuni, ko a Dangwauro suka saro, inda aka mayar da dillalan magani na Kano a 2024, ko a wani wuri. Da wannan rasit ne hukuma ke bin sawu daga kwali ɗaya zuwa katan ɗin da ya fito, har a janye sauran daga kasuwa.