Shagona ya ƙone, ba ni da inshora

Tambaya: Malam, gobara ta cinye shagona na sayar da wayoyi, ban yi inshora ba. In na biya yanzu, za a maida mini asarar? Wani matashi daga Kano.

Amsa: Allah Ya mayar maka da alheri, ɗana. A'a, ba za a biya ka ba, domin inshora tana ɗaukar nauyin haɗarin da bai auku ba ne. Duk dillalin da ya ce zai mayar da kwanan wata baya, gidan yari yake nufa da kai.

Idan ka sake buɗe shago kuma za ka yi inshora, abin lura shi ne kuɗin da ka rubuta a matsayin darajar kayanka. A ce kayan sun kai Naira miliyan 4, amma ka rubuta miliyan 2 don ka rage kuɗin shekara. Wuta ta ci na miliyan 1, kamfani zai ba ka dubu 500 kawai, saboda rabin kayan ka yi wa inshora. Ka kuma adana rasitai da hotunan kaya a wajen shagon, don littafin da ya ƙone ba ya ba da shaida.

Za ka ce kamfanoni ba sa biya. Akan samu haka, amma sau da yawa ɓoye gaskiya ne sila, kamar ajiye fetur na janareta a shago ba tare da ka faɗa ba. Ka tabbatar kamfanin yana da lasisin hukumar inshora ta NAICOM, can kuma ake kai ƙorafi. In batun riba ke damun ka, nemi Takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya, a biya wanda masifa ta samu daga ciki.