KASHI NAWA CIKIN ƊARI? YADDA AKE LISSAFIN ABINCIN YINI GUDA

A darasin Kimiyyar Abinci na kan tambayi ɗalibai: “Me ka ci jiya?” Amsar ba ta wuce koko da ƙosai, shinkafa da wake, sai tuwo da dare. Idan na ƙara da cewa, “To, a cikin ƙarfin da abincin nan ya ba ka, kashi nawa ne ya fito daga mai?” sai aji ya yi tsit. Wannan darasi zai nuna yadda ake samun amsar, ba da wani abu ba sai fensir da takarda da ɗan ma'auni.

Lambobi uku da za a haddace

Ƙarfin da jiki ke samu daga abinci ana auna shi da kalori. Abubuwa uku ne ke ba da shi: furotin, wato abin gina jiki da ke cikin wake da kifi da nama, kabohaidiret, wato sitaci da sukari, da kuma mai, ko na gyaɗa ne ko manja ko kitse. Giram ɗaya na furotin yana ba da kalori 4. Giram ɗaya na kabohaidiret ma kalori 4. Amma giram ɗaya na mai kalori 9 yake bayarwa, ya fi ninki biyu ke nan. Waɗannan lambobi sun samo asali ne daga aikin wani masanin kimiyya Ba'amurke mai suna Wilbur Atwater a ƙarshen ƙarni na 19, kuma da su ake aiki har yau. Duk lissafin da ke tafe a kan 4, 4, 9 ɗin nan ya tsaya.

Mataki na ɗaya: rubuta abincin yini

Bari mu ɗauki ɗalibi ɗan aji huɗu da ke hutu a gida, a wani ƙauye kusa da Kwanar Dangora a ƙasar Kiru. Da safe ya sha kokon gero da sukari, ya ci ƙosai. Da rana ya ci shinkafa da wake da mai da yaji. Da la'asar ya tauna soyayyiyar gyaɗa. Da dare ya ci tuwon masara miyar kuka, da manja da ɗan busasshen kifin Tiga.

Ba dafaffen abinci muke aunawa ba, abin da aka zuba a tukunya muke so. Idan Mama ta tuƙa garin masara kilo ɗaya ta yi malmala biyar daidai da juna, wanda ya ci malmala ɗaya ya ci gari giram 200. Babban cokali na mai yana kusan giram 14. Man da ƙosai ya sha kuwa, a auna mai kafin suya da bayan suya, a raba abin da ya ragu da yawan ƙosan.

Sai a tara kowane iri wuri guda. Waken ƙosai giram 50 da waken rana giram 50 sun zama 100. Man ƙosai 15, man shinkafa 20 da manjan miya 10 sun zama 45. Kuka da daddawa da yaji mun bar su don kaɗan ne, ba za su sauya amsa sosai ba.

Mataki na biyu: fitar da giram na kowane abu

A nan ana buƙatar jadawalin sinadaran abinci, irin wanda hukumar FAO ta fitar don Afirka ta Yamma a 2012, ta kuma sabunta shi a 2019. Jadawalin yana faɗin abin da ke cikin giram 100 na kowane abinci. Lambobin da na yi aiki da su na daidaita su ne don sauƙin lissafi. Misali, giram 100 na garin surfaffiyar masara yana da furotin 8, mai 2, kabohaidiret 75. Tun da ɗalibinmu ya ci 200, sai mu ninka biyu. Garin gero yana da 10, 4, 68. Ya sha na giram 50, sai mu raba biyu. Ga sakamakon, a jere furotin, mai, kabohaidiret:

Garin gero, giram 50: 5, 2, 34
Sukari, giram 20: 0, 0, 20
Wake, giram 100: 22, 1, 55
Shinkafa, giram 100: 7, 1, 78
Gyaɗa, giram 40: 10, 19, 6
Garin masara, giram 200: 16, 4, 150
Busasshen kifi, giram 20: 12, 2, 0
Man gyaɗa da manja, giram 45: 0, 45, 0
Jimla: furotin 72, mai 74, kabohaidiret 343

Mataki na uku: mayar da giram kalori

Furotin: 72 × 4 = 288
Mai: 74 × 9 = 666
Kabohaidiret: 343 × 4 = 1,372
Jimlar kalori: 2,326

Mataki na huɗu: fitar da kashi cikin ɗari

A raba kalorin kowane ɗaya da jimlar kalori, a ninka da 100.

Furotin: 288 ÷ 2,326 × 100 = 12.4, wato 12
Mai: 666 ÷ 2,326 × 100 = 28.6, wato 29
Kabohaidiret: 1,372 ÷ 2,326 × 100 = 59

Kafin a ajiye fensir, a haɗa ukun: 12 da 29 da 59 sun ba da 100. Idan aka sami 99 ko 101 babu laifi, daidaita lambobi ne ya kawo haka. Idan kuwa aka sami 90 ko 115, akwai kuskure, a koma baya.

Me amsar take nufi? A rahoton da hukumomin WHO da FAO suka fitar a 2003, sun ba da shawarar furotin ya kasance kashi 10 zuwa 15, mai 15 zuwa 30, kabohaidiret 55 zuwa 75. Abincin ɗalibinmu ya shiga cikin duka ukun, sai dai mai ya kusa kai iyaka.

Ramuka huɗu da ɗalibai ke faɗawa

Na farko shi ne tsallake mataki na uku. Ɗalibi mai gaggawa zai tara giram, 72 da 74 da 343, ya sami 489, ya raba 74 da shi, ya ce mai kashi 15 ne. Jimlarsa za ta ba da 100 daidai, don haka ba zai ga kuskurensa ba. Amma nauyi ya lissafa, ba ƙarfi ba, kuma ya rage wa mai kusan rabin rabonsa. Alamar gane wannan ita ce: a aikin ɗalibinmu furotin da mai kusan nauyinsu ɗaya, 72 da 74. Dole kason mai ya fi ninki biyu na furotin. Idan suka fito kai da kai, an manta da 9.

Na biyu shi ne auna tuwo a lissafa shi a matsayin gari. Garin giram 200 idan ya sha ruwa ya zama tuwo yana iya kai giram 700, alhali ruwa ba shi da kalori ko ɗaya. Wanda ya rubuta 700 a layin gari zai ba tuwon nan kalori 2,450 maimakon 700, jimlar yini ta haura 4,000. Duk lokacin da jimla ta yi irin wannan tsalle ga yaron da bai ci abin a zo a gani ba, a duba ko an haɗa dafaffe da ɗanye. Haka abin yake ga shinkafa da wake da koko.

Na uku shi ne mantawa da man da ba a gani. Babu mai mantawa da tuwo, amma man da ƙosai ya sha da wanda ya narke a miya sukan ɓace daga takarda. Giram 45 kacal ne, ɗan fiye da cokali uku, amma kalori 405 ne. Idan aka cire shi, jimla za ta sauka zuwa 1,921, kason mai ya faɗo daga 29 zuwa 14. Cokali uku sun juya amsar daga “ya kusa yin yawa” zuwa “bai isa ba”.

Na huɗu shi ne fitar da kashi na kowane ci daban, sannan a nemi matsakaicinsu. Gyaɗar la'asar kalori 235 ce, kashi 73 nata mai ne. Abincin dare kalori 856 ne, kashi 17 nasa mai ne. Matsakaicin 73 da 17 shi ne 45. Amma idan aka haɗa kalorin man biyun, 171 da 144, aka raba da 1,091, amsar 29 ce. Dalili kuwa, an ba cin hannu ɗaya na gyaɗa matsayi ɗaya da malmalar tuwo da miyarta. Ka'idar ita ce a tara kalori tukuna, a raba sau ɗaya tak a ƙarshe.

Yinin da rumbu ya yi ƙasa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Bebeji ko Tudun Wada ko Doguwa ya san watan Yuli da Agusta, lokacin da wake ya ƙare, gyaɗar da ta rage ta tafi gona, sabon amfani bai iso ba. Ga abincin irin wannan yini: koko da sukari kamar na baya, garin rogo giram 100 da rana (furotin 1, mai 1, kabohaidiret 85), tuwon masara na gari giram 300, da manja giram 10. Jimla ita ce furotin 30, mai 19, kabohaidiret 364. A kalori, 120 da 171 da 1,456, duka 1,747. Furotin ya zama kashi 7, mai 10, kabohaidiret 83. Ciki ya cika, amma furotin da mai duk sun gaza, kuma a daidai lokacin da yaro ke yini a gona yana noma.

Yanzu a ƙara wake giram 100 da gyaɗa giram 40. Jimla za ta koma 62, 39, 425, kalori 2,299, kashi kuma 11, 15, 74. Ba nama, ba ƙwai, amma duka ukun sun shiga cikin iyaka. Wannan shi ne amfanin ajiye ɗan wake da gyaɗa na ci tun daga kaka, maimakon a kai su duka kasuwa.

Abin da lissafin ba ya faɗa

Kashi cikin ɗari rabo yake nunawa, ba yawa ba. Da ɗalibinmu na farko ya ci rabin kowane abu, da amsarsa tana nan 12, 29, 59, alhali kalori 1,163 kawai ya samu, wanda ba ya isar saurayi mai girma. Saboda haka kullum a rubuta jimlar kalori kusa da kason. Lissafin kuma ba ya nuna ingancin furotin: na masara yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wake ne ke cike wannan giɓi. Sannan yini ɗaya ba ya wakiltar mako. Ranar biki daban, ranar Litinin daban.

Aikin hutu

Kowane ɗalibi ya rubuta abincin yini uku a gida, ɗaya ya kasance ranar kasuwa ko Lahadi. A nemi izinin Mama a auna gari da mai kafin su shiga tukunya. A bi matakai huɗun nan, a rubuta jimlar kalori da kashi uku na kowane yini, a kawo mini a makon farko na sabon zango. Wanda amsarsa ta faɗi ƙasa da iyaka, ya rubuta abu ɗaya da ake nomawa a gidansu wanda zai gyara ta, da giram nawa ake buƙata.