Amsar Tambaya: Bitar Alamomin Hanya a Cikin Bas

Wani mai karatu daga Zariya ya ce shi da abokinsa za su je jarrabawar tuƙi wurin jami'an VIO, amma alamomin hanya suna rikita su. Yaya za su yi bita?

Ɗan'uwa, ku yi amfani da tafiyarku a cikin bas. Ku zauna kusa da taga, ɗaya yana tambaya, ɗaya yana amsawa, kuma ku fara da siffa da launi kafin zanen da ke ciki. Misali:

"Abokina, da'ira mai jan baki, an rubuta 50 a ciki?"

"Hani ne. Kada gudunka ya wuce kilomita 50 a awa."

"To idan da'irar shuɗiya ce, lambar kuma 50 ɗin ce?"

"Ai duk ɗaya ne."

"A'a, malam! Shuɗiya umarni ce, kada gudunka ya gaza 50."

A nan ake yawan faɗuwa, domin ido kan tafi ga lamba ya manta da launi. Don haka mai amsa ya riƙa faɗin launin da bakinsa tukuna.

Alwatika mai jan baki gargaɗi ce, kamar kwana ko makaranta a gaba. Idan tsininta ya kalli ƙasa, ka ba motocin babban titi hanya. Ja mai kusurwa 8 da aka rubuta STOP kuwa, sai tayoyi sun tsaya cak, ko da titin wayam yake.

Duk alamar da kuka yi saɓani a kanta, ku duba littafin ƙa'idojin hanya na FRSC kafin ku sauka.