Sun Ji Albashina, Sai Suka Yi Mini Tayi Kaɗan

Tambaya: Ni akanta ne a wani kamfani a Kano, naira 180,000 ke shiga asusuna duk wata. Na je intabiyu a wani kamfani da ya fi namu girma. Tun kafin a yi nisa suka tambaye ni nawa nake ɗauka, na faɗa musu. Yanzu sun kira ni sun ce za su ba ni 220,000, alhali aikin ya ninka wanda nake yi. In na ce a ƙara, ba za su fasa ba?

Amsa: Da wuya kamfanin kirki ya fasa ɗaukar mutum don ya nemi ƙari cikin ladabi. Sun riga sun tace masu nema sun zaɓe ka, kuma komawa baya asara ce gare su. Ka san a kasuwa ma ba a sallamawa a tayin farko, sai an ce albarka.

Amma kafin ka nemi ƙari, ka fara sanin me aka taya. Kai ka faɗa musu abin da ke shiga hannunka bayan an cire komai. Su kuma kamfanoni sun saba ambaton jimillar albashi kafin a zaftare haraji da fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani ya zuba kashi 10 daga aljihunsa, ana lissafawa a kan ainihin albashi da alawus ɗin gida da na sufuri. Idan 220,000 ɗin nan duka daga waɗannan ukun aka haɗa ta, za a cire maka 17,600, saura 202,400, ba a ma taɓa haraji ba. A ce kuma sabon wurin ya fi nisa, kullum sai ka ƙara naira 1,000 a kuɗin mota. Kwanakin aiki 22 sun cinye 22,000. Ka ga ka dawo 180,400, ga haraji na jiranka, ga aiki ninki biyu. Don haka ka roƙe su su ba ka tayin a rubuce, dalla-dalla: nawa ne jimilla, nawa za a cire, nawa zai shiga asusu, akwai inshorar lafiya har da iyali ko babu, ana ba da kuɗin hutu ko albashin wata na 13. Ka nemi kwana biyu ka duba.

A kwana biyun nan ka tambayi akantoci biyu ko uku da ke irin wannan matsayi a kamfanoni masu irin girman sabon kamfanin. Ba sai ka ce "nawa kake ɗauka" ba, mutanenmu ba sa son wannan tambaya. Ce musu, "Wanda aka ɗauka a kujera kaza yau, nawa ya kamata ya nema?" Za su faɗa.

A ce ka gano 280,000 a hannu shi ne daidai. Ka tsayar a ranka cewa ba za ka sauka ƙasa da 250,000 ba, amma kada ka furta wannan. Sai ka ce: "Ranka ya daɗe, na gode, kuma ina son aikin nan. Albashin da na ambata na aikin da nake yi yanzu ne. Wannan kuwa ya haɗa da rufe lissafin wata da kula da ma'aikata, don haka ina neman 280,000 bayan an cire komai." Daga nan ka yi shiru, ka bar su su amsa. Kada ka kawo maganar kuɗin haya ko na makarantar yara. Gaskiya ne suna da nauyi, amma jami'in da zai kai buƙatarka wajen manaja hujjar aiki yake bukata.

Ina kuma jan kunnenka: kada ka koma ka ce ai ka yi kuskure, albashinka ya fi haka. Wasu kamfanoni na neman takardar albashi ko su tuntuɓi tsohon wurin aiki, kuma akantan da aka kama da ƙarya a kan lamba ya gama yawo.

Idan suka ce kasafinsu bai kai ba, tambaye su iyakar abin da aka ware wa kujerar. In tazarar kaɗan ce, nemi alawus ɗin sufuri, ko a rubuta a takardar ɗaukar aiki cewa albashin zai koma adadi kaza da zarar ka gama watannin gwaji. "Za mu duba nan gaba" da baki ba alkawari ba ne, domin wanda ya faɗa yana iya barin kamfanin kafin lokacin. In kuwa sun kafe ƙasa da 250,000 ɗin da ka tsayar, ka yi musu godiya ka ci gaba da aikinka. Ko da kun daidaita, kada ka miƙa takardar ajiye aiki sai sabuwar takarda mai sa hannu, ɗauke da adadin da kuka amince, ta shigo hannunka.