Yadda A Ke Shirya Takardar Haɗa Harafi Da Sautinsa

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, a watan da muka fita gwajin koyarwa an ba ni ajin ƙananan yara, watau nazare, su ashirin da huɗu, masu shekara huɗu zuwa biyar. Aikin da malamar ajin ta fara ɗora mini shi ne in shirya takarda wadda za a jera haruffa a gefe ɗaya, hotuna a ɗaya gefen, yaro ya ja layi daga harafi zuwa hoton abin da sunansa ya fara da sautin wannan harafi. Na ɗauka aikin rabin sa'a ne. Ashe ba haka ba ne, gama takardata ta fari ta ba ni kunya, sai a ta biyu na gane kan abin. Shi ya sa na ga ya kyautu in rubuta muku yadda aka yi, ko wani ya huta da irin tuntuɓen da na yi.

Ga yadda ta farin ta kasance. Na sa haruffa biyar, b, d, k, m da f. Na zana bokiti, da doki, da kwano, da mage, da fure. Da na tattara takardun da rana, sai na ga yara uku kaɗai suka sami duka. Na kai wa malamar ajin ina cewa yaran ba su san kome ba. Ta yi murmushi ta ce, "Malam, kafin ka yanke musu hukunci, kira ɗaya ka tambaye shi sunan abin da ka zana."

Na kira wata yarinya, na nuna mata magen da na zana, na ce, "Mene ne wannan?" Ta ce, "Kyanwa." To, kun ga ke nan da ta ja layi daga k zuwa hoton ba ta yi kuskure ba, ni ne na zaɓi dabba mai suna biyu. Na nuna wa wani yaro furen, ya ce, "Hure," domin haka a ke faɗa a gidansu. Kwano kuwa, ko da ya ke da k a ke fara rubuta shi, ba k zalla kunne ya ke ji a farkonsa ba, kw ne, leɓɓa a tattare. Sa'an nan b da d, waɗanda na jera ɗaya bisa ɗaya, a idon ɗan shekara huɗu abu guda ne da ya juya baya. Ashe cikin haruffa biyar, kowanne da tarkon da na ɗana masa ban sani ba.

Abin da na koya daga nan shi ne tushen wannan darasi duka. Ita wannan takarda tambaya ɗaya tak ta ke yi wa yaro: in ka ga wannan harafi, ka san sautin da ya ke bayarwa? Duk abin da zai sa yaron da ya sani ya faɗi, ko ya sa wanda bai sani ba ya ci, lalle ne a fid da shi. Da wannan ma'auni na sake shirya ta.

Na fara da zaɓen haruffa. Na ɗauki m, s, l, k da a, dukansu kuwa malamar ta riga ta koyar da su da baki da allo, gama ba a fara koyar da sabon harafi a kan takarda. Dalilan wannan zaɓe uku ne. Na ɗaya, babu biyu daga cikinsu da suka yi kama a ido, kamar yadda b da d, ko m da n su ke. Na biyu, m da s da l sautuka ne da a ke iya jan su, malami ya ce "mmmota", yaro ya ji sautin a sarari kafin ya gauraya da wasali. K ba ya jawuwa, fita ya ke yi farat ɗaya, saboda haka na sa irinsa guda kawai. Na uku, da waɗannan biyar a na iya haɗa kalmomi na gaske, kamar sama, kama, kaka, domin yaro ya ga amfanin wahalarsa tun a ranar.

Akwai haruffan da na jinkirtar da gangan. Baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ, ɗ da ƙ, ba a haɗa su a takarda ɗaya da b, d da k sai yaro ya riƙe marasa ƙugiyar sosai. Sa'an nan sai a ware musu takarda tasu, a gwama kafa da ƙafa, a bar kunne ya rarrabe. Haka kuma sautukan da a ke rubutawa da haruffa biyu, irin su sh, ts, kw, ky da gw, su jira. Wannan doka ta shafi hotuna ma: kada a sa shanu a ƙarƙashin s, ko tsuntsu a ƙarƙashin t. F ma ya jira, domin furucinsa ya bambanta tsakanin Kano da Katsina da Sakkwato, wani ya ce fari, wani ya ce hwari.

Daga nan sai zaɓen hotuna, wanda shi ne ya fi cin lokaci. Domin l na fara tunanin lemo, amma lemon da aka zana da baƙin alƙalami ba shi da bambanci da ƙwallo ko tumatir. Sai na koma ga laima, wadda siffarta ba ta ɓuya, ko an ce laima ko an ce lema, da l ta fara. Domin s na zana saniya guda ɗaya. Ko yaro ya ce sa, bai fita daga s ba, amma da na zana uku sai ya ce shanu. Domin a na bar akuya, tun da wani zai ce bunsuru, na ɗauki agogo. Domin k na so kaza, na tuna za a iya ce mata zakara, na ɗauki kifi. Domin m na sa ƙaramar mota.

Ku lura da wani abu a cikin mota, kifi, saniya da laima: wasalin da ke bin baƙin ba ɗaya ba ne duka. Da gangan na yi haka. In kullum misalanmu mata, kare, sabulu ne, yaro sai ya zaci sautin m shi ne "ma", na k kuma "ka". Ran da aka ba shi mota ya karanta, sai ka ji "ma-o-ta". Wannan cuta tana da wuyar magani in ta kama, gara a tare ta tun daga zaɓen hoto.

Kafin in buga takardar, na gwada hotunan. Na kira yara biyar ɗaya bayan ɗaya, na nuna musu kowane hoto ba tare da harafi ba, na tambayi sunansa. Na ƙudura cewa hoton da ko yaro guda ya ba shi wani suna mai wani sauti, zan sake shi. Agogon da na zana na bango ne, biyu suka ce faranti. Na sake zana na hannu da maɗaurinsa, duka biyar suka ce agogo.

Sai shimfiɗa takarda. Haruffa na jera su a hagu, daga sama zuwa ƙasa, ƙanana ba manya ba, domin ƙananan ne yaro zai fi gamuwa da su cikin kalmomi. Tsayin kowanne kamar inci ɗaya, da fili tsakani. Harafin a na rubuta shi irin na hannu, zagaye da sanda, kamar yadda malamar ke rubutawa a allo, gama na littafi mai lanƙwasa a ka baƙo ne gare su. Hotuna suna dama, an hautsina jerinsu. Gefen kowane harafi da kowane hoto na sa babban ɗigo, domin layi ya tashi daga ɗigo ya sauka a ɗigo. Kusa da harafin farko kuma na zana ɗan hannu mai nuni, saboda da yawa daga yaranmu suna zuwa makarantar allo, idonsu ya saba farawa daga dama. Ban rubuta suna a ƙarƙashin hoto ba. In an rubuta "mota" a ƙarƙashin mota, yaro zai nemi harafin da ya yi kama da na farko da ido kawai, ya ci duka bai furta sauti ko ɗaya ba.

Akwai wani ɗan lissafi da ya kamata mu sani. In haruffa biyar ne, hotuna biyar, wanda ya san huɗu lalle ya ci na biyar, tun da shi kaɗai ya rage. Saboda haka na ƙara hoto na shida wanda ba shi da harafi, watau tukunya, na gaya wa yara tun farko cewa hoto ɗaya zai kwana ba aboki. Har ila yau, yaron da ke jan layi da ka kawai ya kan dace da ɗaya, wani lokaci biyu. Don haka cin ɗaya ko biyu ba shaidar sani ba ce. Na kuma buga takardar iri biyu, haruffa ɗaya, jerin hotuna dabam, na raba su a tsallake, domin mai leƙen na kusa da shi ya bayyana. A can ƙasa na rubuta kalmomi uku da manyan baƙi, sama, kama, kaka, wanda ya gama ya zo ya karanta mini. Na guji kasa, gama da yawa za su ce ƙasa.

Ran aiki, mun fara faɗin sunayen hotuna shida tare da babbar murya, na yi misali ɗaya a allo da harafin da ba ya cikin takardar, kana na raba. Cikin minti goma an gama. Yara goma sha shida suka ci biyar, biyar suka ci uku ko huɗu, uku suka ci ƙasa da haka.

Waɗannan takwas su ne ainihin ribar takardar. Kowannensu na yi masa tambaya uku a jere. Da fari, "Mene ne wannan?" In ya ba da wani suna, laifin hoto ne. In ya faɗa daidai, sai in ce, "Da wane sauti kifi ya fara?" In ya kasa, ko ya ce "fi", kunnensa ne bai saba tsinke kalma ba, maganinsa wasan baki, ba takarda ba. In ya ce "k", sai in ce, "Nuna mini shi." In ya nuna l, to, harafin ne bai zauna masa ba, sai a koma rubuta shi a yashi da yatsa yana furtawa. Cikin takwas ɗin, biyar matsalar kunne ce, biyu ta harafi, ɗaya kuwa layukansa sun yi daidai da na takardar maƙwabcinsa.

Sai dai mu san iyakar wannan takarda. Sautin farkon kalma kaɗai ta ke aunawa. Yara huɗu daga cikin waɗanda suka ci biyar sun zo kan "sama" sun ce s, a, m, a, ɗaya ɗaya, suka kasa haɗa su su zama kalma. Haɗa sauti wani darasi ne dabam, shi ne kuwa aikin da malamar ta ba ni na mako mai zuwa. Wanda zai fita gwaji bayanmu, in an ba shi irin wannan aiki, ya tuna ya nuna wa yara biyar hotunansa kafin ya buga. Iyakar abin da na samo ke nan, sai malamanmu su gyara inda na karkace.